Na samu 3,2, littafi ya ce 1,6: ina rabin ya shiga?

Hadiza (Garin Malam):
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ina shekarar farko a jami'a, kuma tun bayan la'asar nake fama da wani lissafi. An ba mu farabol `y = 4x − x²`, an ce mu nemo cibiyar nauyin filin da ke tsakaninta da layin x, daga 0 zuwa 4. Girman filin na samu 32/3, wannan ya yi daidai da na littafi. Wajen xG ma, wato nisan cibiyar daga layin y, na samu 2, shi ma daidai. Amma da na zo kan yG, wato tsawon cibiyar daga layin x, sai na samu 3,2, littafi kuma ya ce 1,6. Sau uku na sake, abu ɗaya nake samu. Ga yadda na yi:

```
∫ y² dx = ∫ (16x² − 8x³ + x⁴) dx = 512/15
yG = (512/15) ÷ (32/3) = 16/5 = 3,2
```

Na ga dai amsata ninkin tasu ce, amma ban ga dalilin da zai sa in raba biyu ba. Ba na son in raba don kawai ta yi daidai da littafi.

Laminu:
Wa alaikumus salam. Ai ba sai kin wahalar da kanki da antegiral na biyu ba. Tunda kin samu xG = 2, ki saka shi cikin farabol ɗin kawai, sai ki samu yG.

Hadiza (Garin Malam):
Yaya Laminu, in na saka 2 ai 8 − 4 zan samu, wato 4. Ƙololuwar tudun ke nan. Ta yaya cibiya za ta hau can saman ƙoli?

Laminu:
Haka ne kam, kin yi gaskiya. Na ɗauka cibiyar a kan layin farabol take zama. Na janye.

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƴata Hadiza, antegiral ɗinki babu kuskure a ciki, 512/15 ɗin nan daidai ne. Matsalar tana gaba da nan, wajen abin da kika ɗauka kina tarawa. Kuma na ji daɗi da kika ƙi raba biyu ba tare da dalili ba.

Ki kalli filin nan kamar darni, karare a tsattsaye kusa da juna, na tsakiya dogaye, na gefe gajeru, duk gindinsu a kan layin x. Mu ɗauka kowane kara kaurinsa ɗaya ne daga gindi har kai. Karan da ke tsaye a wurin x tsawonsa y ne, kaurinsa dx, don haka nauyinsa yana tafiya da y dx.

Yanzu in kina neman xG, tambayar ita ce kowane kara yana nesa da layin y da nawa. Amsa mai sauƙi ce, domin karan gaba ɗayansa, daga gindi har kai, a nisan x yake. Shi ya sa x sau y dx ya yi miki aiki ba tare da wata gardama ba.

Amma in kina neman yG, tambayar ta zama kowane kara yana sama da layin x da nawa. To nan fa karan ba a tsawo ɗaya yake ba. Gindinsa yana ƙasa a sifili, kansa yana can sama a y. In kika ɗora kara a kan yatsa, a ina yake tsayawa ba ya rinjaya? A tsakiyarsa. Saboda haka nisan da za ki ba shi y/2 ne, ba y ba. Ke kin ba kowane kara nisan y, kamar duk nauyinsa ya taru a kansa.

```
∫ (y/2)·y dx = (1/2)·(512/15) = 256/15
yG = (256/15) ÷ (32/3) = 8/5 = 1,6
```

Ga inda rabin ya fito.

Hadiza (Garin Malam):
Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi ni abin da na yi shi ne na kalli na xG, na ga x sau y, sai na ce to na yG ai y sau y ne. Ban tsaya na tambayi kaina ko mene ne y na farko, mene ne na biyu ba.

Malam Isufu:
Yawancin ɗaliban da na gani sun faɗa nan ta wannan ƙofar suka shiga. Y biyun nan ba aiki ɗaya suke yi ba. Ɗaya tsawon kara ne, shi ke ba da nauyi. Ɗayan kuma nisan tsakiyar karan ne daga ƙasa.

Bari in ba ki hanyar da za ki kama kanki ranar jarrabawa, lokacin da babu littafi a gabanki. Ki gwada ƙa'idar da kika rubuta a kan abin da kika riga kika san amsarsa. Ki ɗauki allo mai kusurwa huɗu, tsawonsa h, faɗinsa L. Ko yaro ya san cibiyarsa tana h/2. In kika bi taki hanyar, za ki samu h²L a sama, hL a ƙasa, amsa h. Wato cibiyar allo tana bakin samansa. Nan take kin san akwai abin da ya ɓace, kuma kin san ko mene ne. Wannan gwajin ba ya cin minti ɗaya.

Sannan ko ba ki yi wannan ba, idonki ya isa ya ƙi 3,2. Tudun nan tsawonsa 4 ne, ƙasansa da faɗi, yana tsukewa yana hawa. Abin da ke tsukewa sama, cibiyarsa ba za ta kai rabin tsawonsa ba, dole ta zauna ƙasa da 2. Ke kuma kin kai ta 3,2, inda filin ya riga ya zama ɗan siriri.

Sani Injiniya:
Sannu da ƙoƙari Malam. Ni tunda na bar aji, yadda nake riƙe abin a kaina shi ne: cibiya ita ce wurin da in ka ja layi ta kansa, rabin filin yana sama, rabi yana ƙasa. Hadiza, in kin riƙe wannan ba za ki ƙara ɓata ba. A 3,2 ai kowa ya ga abin da ke sama bai kai rabi ba.

Nana Mariyama:
Sani, ƙarshen maganarka gaskiya ne, amma farkonta akwai gyara. Layin da ya ratsa cibiya ba lalle ya raba filin biyu daidai ba.

Sani Injiniya:
To ta yaya abu zai daidaita a kan yatsa in nauyin gefe ɗaya ya fi na ɗayan? Kuma ga misali a gabanmu: layin x = 2 ya ratsa cibiya, ya kuma raba filin biyu cif.

Nana Mariyama:
Layin x = 2 ya raba biyu ne don dama da hagu kamar an kifa ɗaya kan ɗaya suke. Sama da ƙasa kuwa ba haka suke ba. Ka tuna yara biyu a kan katako, an sa dutse a ƙarƙashinsa. Ƙaramin yana iya ɗaga babban in ya matsa can ƙarshe, babban kuma ya zauna kusa da dutsen. Ba nauyi kaɗai ke yin rinjaye ba, nauyi sau nisa ne. A farabol ɗin Hadiza, ɓangaren sama ya kai nisan 2,4 daga cibiya, na ƙasa kuma iyakarsa 1,6. Tunda na sama ya fi nisa, ba ya bukatar ya kai na ƙasa nauyi kafin su daidaita.

Sani Injiniya:
Maganar ta shiga kunne, amma ni mutumin lamba ne. Ki ba ni lambobi in gani.

Nana Mariyama:
To. Ka yanke kan tudun, ka sauko zurfin d daga ƙoli. Abin da ka yanke shi ma ɗan farabol ne, faɗin gindinsa `2√d`, girmansa kuma biyu bisa uku na faɗi sau tsawo, wato `(4/3)·d·√d`. Ka gwada da d = 4, za ka ga 32/3 ya dawo, don ka tabbatar ban yi maka zamba ba.

Cibiya tana 1,6 daga ƙasa, wato d = 2,4. In ka lissafa za ka samu wajen 4,96. Rabin filin kuwa 16/3 ne, wajen 5,33. Ke nan abin da ke saman cibiya kusan kashi 46 da rabi ne cikin ɗari, na ƙasa kashi 53 da rabi. Layin da ke raba filin biyu daidai yana ƙasa kaɗan, wajen 1,48.

Sani Injiniya:
Na danna a waya, haka ne, 4,96. To amma Nana, tsakanin 1,48 da 1,6 ai ba wani nisa ba ne. A wurin aiki wa zai lura?

Nana Mariyama:
A wannan siffar ba nisa sosai, shi ya sa kuskuren yake daɗewa a kan mutum ba a gane ba. Amma santimetir ɗaya da ƴan kai ne a kan kwali mai tsawon 40, kuma wannan ya isa kwalin ya zame daga yatsanka. In siffar tana da dogon wutsiya siriri, tazarar tana ƙaruwa.

Sani Injiniya:
Na yarda da lissafin. Amma har yanzu ina ganin don kimantawa da ido, kafin a zauna a yi na gaskiya, dabarata ba ta da laifi.

Malam Isufu:
Don kimantawa ba laifi, Sani, muddin dai ba ka kira ta ma'anar cibiya ba. Abin da nake tsoro shi ne ɗalibi ya ji wannan, ranar jarrabawa ya tafi neman layin da ya raba fili biyu, ya kawo 1,48 yana murna.

Hadiza, tunda Nana ta kawo faɗin tudun a kowane tsawo, ga wata hanya ta biyu da za ta kwantar miki da hankali. Maimakon karare a tsaye, ki kwantar da su, kamar an jera azara. A tsawon y, faɗin filin `2√(4 − y)` ne. Yanzu kowane kara gaba ɗayansa yana tsawo ɗaya daga ƙasa, saboda haka babu wani rabi da za a saka:

```
∫ y·2√(4 − y) dy, y daga 0 zuwa 4
u = 4 − y  →  2·(64/3 − 64/5) = 256/15
```

Kin ga 256/15 ɗin ya sake fitowa, kuma babu inda muka raba biyu da hannunmu. Rabin nan ba na yG ba ne shi kaɗai. Yana zuwa ne duk lokacin da karan ya miƙe ta fuskar da kike auna nisa.

Hadiza (Garin Malam):
Na yi shi yanzu a takarda, ya fito. Da farko na manta in juya iyakokin lokacin da na sa u, sai na samu amsa da alamar ragi, amma na gano. Malam, wannan 1,6 ɗin na wannan farabol ne kawai, ko akwai abin da mutum zai riƙe?

Malam Isufu:
Akwai. 1,6 biyu bisa biyar ne na 4. Duk tudun farabol da aka yanke a miƙe ta ƙasa, komai faɗinsa, cibiyarsa tana biyu bisa biyar na tsawonsa daga gindi. Faɗin yana shiga sama da ƙasa na lissafin, sai ya cinye kansa. Ki kwatanta da ƴan uwansa: mai kusurwa uku ɗaya bisa uku, mai kusurwa huɗu rabi, farabol yana tsakaninsu.

Kuma wannan sakamakon ya girmi antegiral da nisa. Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna cewa girman yankin farabol huɗu bisa uku ne na mai kusurwa ukun da ke cikinsa mai gindi ɗaya da tsawo ɗaya da shi. Ki gwada da naki: gindi 4, tsawo 4, girma 8, huɗu bisa ukunsa 32/3. Ya kuma nuna cibiyar tana raba tsawon kashi uku ta sama, kashi biyu ta ƙasa, wato 2,4 da 1,6 ɗin da Nana ta ambata. A Bagadaza ma, Ibrahim ɗan Sinan, jikan Sabit ɗan Ƙurra, ya sake kawo hujjar girman farabol ta tasa hanyar a ƙarni na 10.

Habu mai walda:
Salamu alaikum malamai. Ni ba ɗan jami'a ba ne, ɗan ƙanena ne ya sa ni cikin nan don ya san ina son irin wannan magana. Ina da shagon walda a Sabon Gari. Na karanta duk abin da kuka rubuta, rabi na gane, rabi ya wuce ni, amma biyu bisa biyar ɗin nan ta tsaya mini a rai, don ina da aiki a hannu.

Wani mai gida ya ce in yi masa taga ta saman ƙofa, mai baka, ta tol. Yana so ta riƙa juyawa a kan ƙusoshi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, yadda in an tura ta iska ta shiga, ta tsaya inda aka bar ta. Faɗinta 120, tsawonta a tsakiya 45. Na sa ƙusoshin a rabin tsawo, 22 da rabi. To ko yaya na buɗe ta, sai ta koma ta rufe kanta. In na bi maganar Malam, a 18 ya kamata in sa ke nan?

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam Malam Habu, ka zo da tambaya mai kyau. Dalilin rufewar ka riga ka gano shi: cibiyar tana ƙasa da ƙusoshinka, don haka kullum tana neman ta dawo ƙarƙashinsu, sai tagar ta miƙe tsaye. Biyu bisa biyar na 45 kuwa 18 ne, lissafinka daidai. Amma kafin ka kunna inji, ina da tambaya. Da me ka zana bakan?

Habu mai walda:
Yadda muka saba. Na kafa ƙusa, na ɗaura igiya da alli, na ja. Na yi ta matsar da ƙusar ƙasa har allin ya taɓa gefe biyu da sama.

Malam Isufu:
To naka ba farabol ba ne, yankin da'ira ne. Igiya da ƙusa ɗaya da'ira suke bayarwa. Ido yana ganinsu kamar ɗaya, amma da'ira ta fi cika a kafaɗa. Ga yadda za ka gane ba tare da ka yarda da bakina ba. Daga tsakiyar gindi ka auna 30 zuwa gefe, wato rabin hanya, sai ka auna tsawon tol ɗin a nan. In farabol ce, za ka samu uku bisa huɗu na 45, wato 33 da ɗigo 75. In da'ira ce, za ka samu 37 da ɗan abu.

Habu mai walda:
Sai da safe in na buɗe shago.

Laminu:
Malam, bakan gizon da ke cikin tsofaffin gidajen Birni fa, irin na soraye, shi farabol ne ko da'ira? Kullum ina kallonsa ina wannan tunanin.

Sani Injiniya:
Ni ina ganin ba ɗaya daga ciki. Magina da azara suke ɗaga shi, gaɓa gaɓa, kowace tana ɗan leƙowa gaba da ta ƙasanta, sannan a shafe da ƙasa har ya yi sumul. Hannun magini ne ke yanke siffar.

Laminu:
Amma ai nauyin da ke kansa zai tilasta masa wata siffa, ko ba haka ba?

Nana Mariyama:
Gwajin da Malam ya ba Malam Habu ai yana aiki a nan ma, Laminu. Ka samu wanda zai bar ka ka shiga da tef, ka auna daga inda bakan ya fara lanƙwasa, ka kawo mana lambobin. Kafin nan duk hasashe muke.

Habu mai walda:
Ina kwananku. Na auna, 37 ne da ɗan ƙari. Malam ya yi gaskiya. To yanzu biyu bisa biyar ɗin ta tashi ke nan?

Malam Isufu:
Lafiya lau Malam Habu. Ba ta yi nisa da gaskiya ba, amma ba ita ce taka ba. Na zauna na lissafa naka. Igiyar da ka ja tsawonta ya zama 62 da rabi, ƙusar kuma tana 17 da rabi ƙasa da gindin tagar.

Habu mai walda:
Ikon Allah. Alamar ƙusar tana nan a kan teburin, na sa tef, 17 da rabi ne.

Malam Isufu:
Madalla. Da wannan, cibiyar tol ɗin tana wajen 18,7 daga gindi. Ta ɗara ta farabol da milimetir bakwai, saboda cikar kafaɗun nan. Amma wannan lissafin na tol ne zalla, mai kauri ɗaya ko'ina. Ka yi mata firam?

Habu mai walda:
Dole ai, in ba haka ba za ta yi ta rawa. Na zagaye ta da ƙarfe mai faɗi, har da gindin. Kuma akwai ɗan sakata a ƙasa.

Sani Injiniya:
To ai firam ɗin zai ɗaga cibiyar sama, tunda bakan ya fi gindin tsawo. Ka ƙara, ka kai ta 20.

Nana Mariyama:
Ni ma haka na zata da farko, Sani, sai da na lissafa. Ƙarfen bakan tsawonsa wajen 161 ne, cibiyarsa shi kaɗai tana wajen 29 daga gindi. Amma ƙarfen gindi 120 ne, kuma yana kwance a sifili. In ka haɗa su, 161 sau 29 a raba da 281, sai ka samu kusan 16 da rabi. Ke nan firam ɗin ƙasa yake jan cibiyar, ba sama ba. Sakatan ma ƙasa yake ja. Saboda haka amsar Malam Habu tana tsakanin 16 da rabi da 18,7, gwargwadon nauyin firam da na tol.

Hadiza, ki lura da wannan 29 ɗin. Cibiyar layin baka daban, cibiyar filin da ke ƙarƙashinsa daban. In an ce miki waya aka lanƙwasa, ba y dx za ki tara ba, tsawon layin za ki tara.

Malam Isufu:
Haka ne. Malam Habu, tunda tagar tana hannunka, ba sai mun nemi nauyin kowane ƙarfe ba. Ka cire ta, ka yanke tsofaffin ƙusoshin, ka kwantar da bututun ruwa siriri a ƙasa, ka ɗora tagar a kwance a kansa yadda bututun zai yi daidai da gindin, ba a karkace ba. Ka riƙa matsar da ita a hankali har ta tsaya ba ta faɗa gaba ba ta faɗa baya. Ka ja alli a nan. Wannan layin ne ƙusoshinka. Ka tabbatar sakatan yana jiki lokacin da kake gwadawa. Lissafin namu amfaninsa shi ne ka san inda za ka fara nema, kuma in ka ga allin ya faɗi a 22 ko a 14, ka san bututun ya karkace.

Habu mai walda:
Wannan aikina ne, na gane shi sarai. Sai dai mai gidan ya ce in an yi iska mai ƙura yana so ta riƙa rufuwa da kanta. Ga shi kuma yana so ta tsaya a buɗe. Ina tunanin in ɗaga ƙusoshin kaɗan sama da layin allin, in ƙara matse su.

Sani Injiniya:
Abu biyu yake nema masu karo da juna. In ka matse har ta tsaya a buɗe, ba za ta rufe da kanta ba. Gara ka sa a kan layin, ka yi masa ɗan ƙugiya.

Habu mai walda:
Zan je in same shi mu yi magana tukuna.

Hadiza (Garin Malam):
Malam, ni ma na yi nawa gwajin da safen nan. Na samu kwalin sabulu, na ɗauki kowane ɗaya a matsayin santimetir 10, gindi 40, tsawo 40. Na sa ɗigo a 17,5 da 30 da 37,5 da 40 a kowane santimetir 5, na haɗa su, na yanke da reza. Na huda kusurwa ɗaya na rataye a ƙusa, na saki zare da ɗan dutse, na ja layi. Ya haɗu da layin tsakiya a 16 da ɗan kaɗan. A 32 kuwa ko kusa.

Sai kuma na gwada rabin filin, daga x = 0 zuwa 2, don in ga ko na riƙe abin. Girma 16/3, sannan `∫ x·y dx = 32/3 − 4 = 20/3`, sai xG = 5/4. Shi kuma yG ya sake fitowa 1,6. Na tsaya ina shakka, don na zata zai canja.

Malam Isufu:
Duka biyun daidai ne ƴata. Rabi biyun nan a tsawo ɗaya cibiyoyinsu suke, ɗaya a 1,25 ɗaya a 2,75, kuma tsakiyarsu ita ce 2 da kika fara samu. In da yG na rabin ya bambanta da 1,6, da na dukan ma ya bambanta. Ɗan ƙarin da kika gani a kwali kuma, ki duba gefen da kika yanke, mai yiwuwa rezar ta ɗan fita waje tsakanin ɗigo da ɗigo wajen kafaɗa.

Ga na gaba in kina da lokaci. Ki ɗauki `y = x²` daga 0 zuwa 1, filin da ke ƙarƙashinta. Wannan ba tudu ba ne, gangare ne mai lotsawa ciki, don haka kada ki ɗauko biyu bisa biyar ki ɗora masa. In kin gama, ki yi na filin da ke samanta har zuwa y = 1. A can gindin karan ba ya kan layin x, sai ki yi tunanin inda tsakiyarsa take. In kin haɗa cibiyoyin biyu, kowace da girman filinta, dole su ba ki tsakiyar murabba'in.

Hadiza (Garin Malam):
Na farkon na samu 3/4 da 3/10. Na biyun ina kai. Tsakiyar karan `(1 + x²)/2` ce, tsawonsa `1 − x²`, ko Malam?

Malam Isufu:
Haka ne, ci gaba.